Kafin a karya farashi, a auna yadda masu saye za su motsa

Akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan 'yan kasuwa da yawa, cewa duk wanda ya yi rangwame zai ga ciniki ya buɗe, kuɗi kuma su ƙaru a aljihu. Rabin maganar gaskiya ne, domin kaya kan fi fita idan sun yi araha. Amma jimillar kuɗin ciniki farashi ne sau adadin abin da aka sayar, saboda haka wanda ya rage ɗaya dole ya tabbata ɗayan ya ƙaru fiye da abin da ya zubar. A ganina, bai kamata a yi rangwame ba sai an yi wannan lissafi.

Masana tattalin arziki, tun daga Alfred Marshall a 1890, suna auna yadda buƙata ke amsa sauyin farashi ta hanya mai sauƙi: a raba kason da adadin saye ya sauya da kason da farashi ya sauya. Idan sakamakon ya haura 1 sosai, masu saye suna jin farashi a jikinsu, rangwame kuma zai ƙara kuɗin shiga. Idan bai kai 1 ba, asara ce.

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, wanda ke sayar da turmi 100 a mako, kowane a kan naira 10,000, cinikinsa ke nan miliyan ɗaya. Idan ya sauke farashi da kashi 10 cikin ɗari zuwa 9,000, sai ya sayar da turmi 112 kafin ya wuce inda yake a da. A ce ya sayar da 130. Adadi ya ƙaru da kashi 30, farashi ya sauka da kashi 10, ma'aunin ya zama 3, ciniki kuwa ya kai naira 1,170,000. Dalilin a bayyane yake: atamfa ba ta zama dole yau ba, irinta na nan birjik a shagon maƙwabci, kuma 'yan sari da ke zuwa daga nesa kan zagaya layi suna taya kaya kafin su zaro kuɗi.

Mai gishiri ba haka lamarinsa yake ba. Uwargida ba za ta ninka gishirin miya don ya yi araha ba. Idan buhu 100 a kan 5,000 suka koma 104 a kan 4,500, ma'aunin 0.4 ne, ciniki ya faɗo daga 500,000 zuwa 468,000. Sai dai a lura, wannan ya shafi kasuwa gaba ɗaya ne; ɗan kasuwa guda na iya janye kwastomomin maƙwabtansa na ɗan lokaci, har zuwa ranar da su ma za su sauke nasu farashin, kowa ya koma kan cinikinsa na da a kan kuɗi ƙasa da na da.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen gano lambar kanta. Wanda ya yi rangwame mako biyu kafin Sallah, ya ga shago ya cika, zai iya jingina wa rangwamen abin da lokaci ne ya kawo shi. Gwajin da za a amince da shi shi ne wanda aka yi a makonni masu kama da juna, a kan kaya iri ɗaya, ana rubuta adadin da ya fita kullum a littafi. Kuma kada a rufe littafin ranar da rangwame ya ƙare, domin wasu masu sayen sun ɗebi na wata mai zuwa ne kawai tun da wuri. Idan ciniki ya kwanta a makonnin da suka biyo baya, to ba sababbin masu saye aka samu ba.

Ko da an tabbatar kuɗin shiga sun ƙaru, da sauran magana, kuma nan ne nake saɓa wa masu tsayawa a kan ma'aunin kaɗai. Mu koma ga mai atamfa, a ce sarin kowane turmi 8,000 ne. A da yana cin ribar 2,000 a turmi 100, wato 200,000. Bayan rangwame ribarsa 1,000 ce a turmi 130, wato 130,000, ga ƙarin ɗawainiyar dako da yaran shago. Kafin ya mayar da ribarsa ta farko sai ya sayar da turmi 200, wanda hakan ke nufin ma'aunin ya kai 10, abin da ba kasafai ake samu ba. Irin wannan rangwame yana da hujja ne idan yayin zanen ya kusa wucewa, ko ana neman uwar kuɗi da gaggawa don sabon sari.