Albashina a bayan kwalin maganin sauro

Kun dai san na samu aikin nan na Samaru a nan Zariya, ba sai na sake ba da labari ba. Takarda ta ce naira 90,000 a wata, ni kuma na bi gari ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa na ɗara mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 da dubu ashirin cur. Wata ya ƙare, waya ta yi ƙara, na cire dubu biyar na sa a ambulan na nufi zauren Kawu ranar Lahadi bayan la'asar, don in kai ɗan abin goro a sa mini albarka.

Na tarar da zauren cike. Har da Alhajin da kuka sani, wanda nake cire hula in gyara kafin in wuce ƙofar gidansa. Na durƙusa na gaida kowa, na miƙa ambulan da hannu biyu yadda zai ganu. Kawu ya buɗe, ya ƙirga, ya ajiye a gefen tabarma, ya ce, "Madalla, ɗana. Nawa ne ya shigo?"

Na ce dubu casa'in, Kawu.

Ya ce, "Na takarda ke nan. Nawa wayar ta ce?"

Mutumin da ya yi ritaya yana akanta ba a yi masa kwana-kwana. Na ce dubu tamanin da ɗaya. An cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, naira 7,200, wannan doka ce tun 2014, ba ni da ta cewa. An kuma cire 1,800 na gudummawar biki da suna ta ma'aikata, ni da ban yi bikin ba balle suna. Kawu ya laluba bayansa ya jawo kwalin maganin sauro, ya farke shi ya baje a gwiwa, ya ciro biro daga aljihun gaba. Ya rubuta 81,000 a sama, ya ja layi. Daga nan na san goron nan ba zai ciwu lafiya ba.

Ya ce kwana nawa kake zuwa? Na ce Litinin zuwa Asabar. Ya rubuta 26. Ya ce to ɗauko ni daga Ƙofar Gayan ka kai ni teburinka, kada ka tsallake ko taku ɗaya. Na ce acaba zuwa Ƙofar Doka, ɗari biyu.

Sai wata murya daga bakin ƙofa ta ce, "Ɗari uku."

Ɗanliti ne. Ban ma lura yana nan ba, ashe yana jingine da mashin ɗinsa yana cin gyaɗa. Shi ke ɗaukata kullum da safe, saboda haka ba ni da bakin musu. Yaron nan fa ni na koya masa karatun agogo. Ni na rubuta masa wasiƙar da ya kai wa mai mashin ɗin aka yarda aka ba shi. Ba wanda ya tambaye shi, ba wanda ya kalle shi, amma ya tofar da ɓawon gyaɗa ya ƙara da cewa, "Ɗari biyun tun kafin a cire tallafin mai ne, Baba. Kuma akwai ɗari tara tawa a wurinsa ta makon jiya." A gaban Alhaji. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi, irin sunkuyawar da ta fi dariya ciwo.

Aka ci gaba. Daga Ƙofar Doka a bi ta Tudun Wada da PZ zuwa Kwangila, ɗari uku. Daga Kwangila zuwa Samaru, wata ɗari ukun. Zuwa 900, dawowa 900, kullum 1,800. Kawu bai ko taɓa waya ba, da ka ya buga: sau 26, naira 46,800. Ya rubuta a ƙarƙashi ya ja layi, saura 34,200. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Fiye da rabin albashinka na masu ƙafa biyu da masu ƙafa uku ne. Kai dillalinsu ne kawai, kana karɓo musu daga ofis."

Na yi 'yar dariya don kada a ce abin ya taɓa ni.

Sai abinci. Na ce ai Kawu ko ba aiki mutum zai ci abinci, bai kamata a sa wannan ba. A nan ya ajiye biro ya yi mini bayani a hankali, kuma ko ina jin haushi na ji hujjar. Ya ce abin da ake ɗora wa aiki shi ne duk kuɗin da ba za ka kashe ba da a gida ka wuni. Karin safe da tuwon dare a tukunyar Inna suke, ko da aiki ko babu, don haka ba zai rubuta su ba. Na rana kuwa, da kana gida daga tukunyar nan za a zuba maka, aiki ne ya kai ka gaban mai abinci da kuɗi a hannu. Na ce to shinkafa da wake, ɗari takwas, ruwan leda ɗari. Ya ce da nama? Na ce babu nama. Wani dattijo a kusurwa ya ce "Allah sarki," da wata irin murya kamar an yi rasuwa. 900 sau 26, naira 23,400. Saura 10,800.

Na ɗauka an gama, har na fara gyara zama zan tashi. Kawu ya nuna ƙafata da biro. Takalmi sau-ciki ne baƙi, na sa shi ranar Lahadi don a gani. Ofishin namu ba a shiga da kaftani sai Juma'a, sauran ranaku farar riga, baƙin wando da nektayi. Na lissafo masa: riga uku na gwanjo daga kasuwar Sabon Gari, kowace 4,500, wando biyu, kowane 6,000, takalmi 15,000, nektayi 1,500. Jimla 42,000. Na yi sauri na ce amma ai wannan sau ɗaya aka saya. Ya ce sau ɗaya aka saya, kullum ake cinye shi. Ya tambayi wata nawa za su yi kafin wuyan rigar ya koɗe, dugadugin takalmin ya karkace. Na ce shekara. Ya ce ya yarda don ni ɗansa ne, ya raba gida goma sha biyu, 3,500 a wata. Ya ƙara 3,000 na sabulu da bula da gawayin guga, don farar riga ba ta kwana biyu a jikin wanda ke tsayawa jiran mota a ƙarƙashin gadar Kwangila, balle hunturu ya shigo da ƙurarsa. Ya ƙara 2,000 na kati da data, tunda oga ta waya yake aiko saƙo kuma ba ya biya.

Saura 2,300.

Ya raba da 26. Ya rubuta amsar, ya zagaye ta sau biyu, ya miƙa wa na kusa da shi. Kwalin nan ya zaga zauren hannu da hannu, kowa ya kanga shi a haske ya karanta ya miƙa gaba. Naira 88 a rana. Da ya isa hannun Alhaji sai ya ce bai zo da tabarau ba, a karanta masa. Kun san wanda ya karanta. Da ƙarfi, har da "da 'yan kwabbai."

Zuciya ta ɗebe ni na ce ai dama ina shirin kama ɗaki a Samaru, kuɗin mota ya huta. Kawu ya ce madalla, ya juya ɗaya gefen kwalin.

Ɗakin na gan shi da idona a Hayin Dogo, ciki ɗaya, banɗaki na haɗaka, 240,000 a shekara, don ɗaliban jami'a sun sa ko kangon da ba silin yana da farashi. Ejan yana karɓar kashi goma, 24,000. Mai gida yana son 20,000 na ajiya ko za ka fasa masa wani abu, a ɗakin da ba abin fasawa sai ƙofa. Ejan ɗin nan kuma, Allah ya isa tsakanina da shi. Ya karɓi dubu biyu kuɗin gani, ya sa na biya masa acaba, ya kai ni ɗaki biyu da ya san an riga an kama, a na ukun ya ce mai mukulli ya tafi Giwa, mu leƙa ta taga. Na leƙa, akuya na gani a ciki. Ya ce za a fitar da ita.

Kawu bai damu da akuya ba. Ya ce abu na farko, 284,000 a dunƙule ake biya kafin a ba ka mukulli, albashi kuwa wata-wata yake zuwa. Wato albashin wata uku da rabi ba ka ci ba, ba ka hau mota ba. Na biyu, haya da la'adar ejan in an raba goma sha biyu 22,000 ne a wata, wuta 3,000, ruwan 'yan garuwa 4,000, ya zama 29,000. An cire daga 46,800 na mota, ka tsira da 17,800. Na ce to ka gani, Kawu! Ya ce saurara, tukunyar Inna za ta bi ka Hayin Dogo? Shayi da burodi da safe, indomi ko ɗanwake da dare, a ce 1,200, kuma yanzu sau 30 ne ba 26 ba, don ciki ba ya hutun Lahadi. 36,000. Ya buga ya cire, ya sa wata 'yar alama a gaban lambar: kowane wata zan ciyo bashin 15,900 don in riƙa isa ofis da wuri. Ya ce bai sa katifa ba, don yana jin kunyar baƙi.

Ya ce layi biyu ne kawai a kwalin nan ke motsawa. Na abinci, in zan ɗauki kula daga gida, 23,400 ta dawo aljihu. Na mota, in na samu mai zuwa Samaru ko Shika da safe mu haɗa kuɗin mai. Sauran kuwa sai dai in koma wa oga da kwalin in nemi ƙari, kuma da tun kafin sa hannu aka kai masa ya fi jin magana.

Sannan ya ɗauki ambulan ɗina, ya zaro dubu ɗaya daga aljihunsa ya ƙara a ciki, ya miƙo mini. Ya ce, "Riƙe, ɗana. Ribar wata biyu ka kawo mini, ba zan iya ci ba." Na ce haba Kawu. Ya ce karɓi, ka ba yaron nan ɗari taransa. Na ba shi a nan take, ya ce ba shi da canji.

Yanzu da kula nake zuwa, ta Inna ce mai hawa uku, murfinta ba ya rufuwa sosai, kuma miyar kuka ba ta fita daga farar riga da wankin farko. Alhaji yana amsa gaisuwa lafiya lau, sai dai ya ƙara "ya ƙoƙari?" wanda da ba ya cewa. Wanda ya san mai mota da ke fita daga Birni wajen bakwai saura ya yi mini magana. Ɗari ɗayana kuma har yau tana wurin Ɗanliti.