Daren da Na Sa Ma'aji Ya Ci Kuɗin Burtsatse

Ni ne magatakardan ƙungiyar unguwarmu, an kuma ba ni muƙamin ne saboda an ce na iya rubutu. Ni ma na yarda da hakan, har sai ranar da aka miƙo mini lasifika bayan sallar isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, aka ce in karanta wa jama'a abin da kwamiti ya yanke kan rijiyar burtsatse. Mutane sun cika tabarmi, mata na leƙowa daga zaure. Dama an kwana biyu ana ƙus-ƙus kan kuɗin da aka tara.

Sanarwar jimla ɗaya ce tak. Kwana biyu na yi ina gina ta, ina ƙara mata ɗaki bisa ɗaki, ina jin daɗi don ta yi kama da takardar ofis. Ga ta yadda take:

"Bisa la'akari da ƙorafe-ƙorafen da wasu mazauna unguwa suka gabatar dangane da rijiyar burtsatsen da ta lalace tun watan azumi, wadda injin da muka saya bara ya ƙone sakamakon wutar da aka kawo da ƙarfi, kwamitin da ya zauna ranar Asabar, wanda mai unguwa ya jagoranta, ya amince cewa kuɗin da aka tara, wato N487,500, waɗanda ma'aji zai ci gaba da ajiyewa har sai an samu mai gyaran da za a yarda da shi, maganar da ake yaɗawa cewa shugaba ya taɓa su ba gaskiya ba ce."

Kalma 87 ke nan. Ban taɓa karanta ta da baki ba kafin daren, da ido kawai nake bin ta, shi kuwa ido ba ya buƙatar iska.

Na faro da murya sama kamar ladan. Ina isa "watan azumi" na ji ƙirjina ya fara neman agaji, amma na daure, na saci ɗan numfashi a nan da can. Lambar kuɗin ce ta kashe ni. A takarda ɗan guntun abu ne, amma a baki sai da na ce naira dubu ɗari huɗu da tamanin da bakwai da ɗari biyar, kalma 11 a jere. Maimakon in tsaya in huta, sai na zarce don in rabu da wahala. Na ce, "waɗanda ma'aji zai ci," iska ta ƙare ƙaf. Na buɗe baki kamar tarwaɗar da aka fitar daga ruwa.

Ba na jin shirun ya wuce daƙiƙa biyu. Amma ya ishi wani dattijo ya ce, "Innalillahi! A fili kuma?" Wuri ya kaure. Ma'aji, bawan Allah mai shagon kayan masarufi da bai taɓa cin ko sisin kowa ba, ya miƙe yana riƙe da hularsa. Ni kuwa ina ta ihu cikin lasifika, "gaba! gaba da ajiyewa!" ba wanda ke ji. Can mai unguwa ya tsawatar, aka yi tsit, daidai lokacin da na iso "shugaba ya taɓa su". Aka sake ɓarkewa. "Ba gaskiya ba ce" ɗin da na ajiye a ƙarshen jimla don ya wanke kowa, ni kaɗai na ji shi, sai kuwa wata akuya da ke ɗaure kusa da ni.

Washegari da sassafe na tafi wurin kawuna, wanda ya yi shekaru yana karanta labarai a gidan rediyo a Kaduna kafin ya yi ritaya. Labari ya riga ni isa. Ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya yi shiru yana ɗiga biro.

"Kai yaro, 'da' 13 na ƙirga. Ga 'wadda', ga 'wanda', ga 'waɗanda'. Wannan ai ba jimla ba ce, ayarin raƙuma ne, kowane an ɗaure shi a wutsiyar na gaba."

Na ce, "Kawu, ai na sa waƙafi."

"Waƙafi na ido ne. Tashi tsaye ka karanta mini, inda numfashinka ya ƙare zan buga tebur."

Muka gwada sau uku. Ashe idan na ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji, kalma 12 zuwa 15 nake iya ɗauka cikin kwanciyar hankali. Ya ce wannan shi ne mudun ƙirjina, duk abin da zan faɗa sai in auna shi da wannan mudu. Ya ƙara da wani abu da ban taɓa lura da shi ba: muryar Bahaushe gangarowa take yi a cikin jimla, kamar mai saukowa daga bene. Kana farawa daga sama, kana tafiya kana yin ƙasa, sai ka sa aya sannan ka koma sama ka faro sabo. Jimlar da ba ta da aya kuwa, kafin ka kai ƙarshenta muryarka ta shige rijiya. Shi ya sa, in ji shi, ko da ba a yi hayaniya ba, da wuya a ji wankewar da na yi wa shugaba.

Sai ya rufe takardar da tafin hannu, ya ce in gaya masa da baki abin da nake son mutane su sani, kamar muna hira a dakali. Na ce rijiya ta lalace, inji ya ƙone, an yi ƙorafi, kwamiti ya zauna, an tara kuɗi, kuɗin suna nan, ba wanda ya taɓa. Ya ce, "To ga magana bakwai. Wacce ce ta fito da mutane daga gidajensu da dare?" Na ce ta kuɗi. Ya ce to ita za ta shiga gaba. Kuma idan za ka ƙaryata zance a gaban taro, kada ka fara jero zargin sannan ka kawo "ba" daga baya, don kunne ba ya komawa baya kamar ido. Fara da "ba wanda ya taɓa", kowa ya samu natsuwa, sauran bayani ya biyo.

Na karɓi biro da karsashi, na bi duk inda waƙafi yake na mayar da shi aya. Na karanta masa: "Wasu mazauna unguwa suka gabatar. Injin da muka saya bara. Wanda mai unguwa ya jagoranta." Kawu ya yi dariya har ya cire tabarau.

Nan ne ya nuna mini inda aikin yake. Idan ka kwance guntu daga jikin "da" ko "wanda", ba zai tsaya da ƙafarsa ba sai ka canza masa riga. "Suka" ya koma "sun", "aka" ya koma "an", "muka" ya koma "mun", "ake" ya koma "ana". Wani lokacin har wutsiyar aikatau takan canza: "injin da muka saya" idan ka juya shi sai ya zama "mun sayi inji", haka "zaman da ya jagoranta" ya zama "ya jagoranci zama". Duk Bahaushe yana yin wannan a baki ba tare da tunani ba, amma da biro a hannu sai ka manta. Ya gargaɗe ni kuma kada in bi kowane "suka" da wuƙa, don mai ba da labari yana cewa "suka zo, suka zauna, suka tashi" kuma daidai ne. Wanda ke rataye a jikin "da" shi ake nufi.

Gwaji na biyu ya fi kyau, sai dai na rubuta, "Ma'aji zai riƙe kuɗin har a samu mai gyara. Ba a yarda da shi ba tukuna." Kawu ya ce, "Da wa? So kake mutumin nan ya bar unguwar?" Da zarar ka raba jimla, "shi" da "ya" da "su" sai su rasa ubangida, mai sauraro ya liƙa su ga wanda zuciyarsa ta raya masa. Gara ka maimaita sunan abin ko da sau uku ne.

Daga ƙarshe ya koya mini alamarsu ta gidan rediyo: karan tsaye ɗaya / inda za ka ɗan dakata, biyu // inda za ka ja cikakken numfashi. Ya lissafa wuraren da ba a sa kara ko da wuƙa a wuya. Ba a raba "kuɗin" da "rijiya", ba a raba "zai" da aikin da ke biye da shi, ba a kuma raba kalmomin da ke tafiya tare irin su "ci gaba", "sa hannu" da "ba da baki". Wurin hutu mai daɗi shi ne bayan "dai", "kuwa", "fa" da "kam", don an saba jin mai magana ya ɗan numfasa a nan. Lamba kuma a rubuta ta yadda za a furta, a ba ta jimlarta ita kaɗai. Shi kuwa "ci gaba", ya ce tunda kuɗi na kusa, in kore shi daga takardar gaba ɗaya. Ga abin da muka fitar:

"Jama'a, maganar rijiyar burtsatse ce. // Da farko dai, / ba wanda ya taɓa kuɗinku. // Ba shugaba ba, / ba ma'aji ba. // Kun san rijiyar ta lalace tun watan azumi. // Mun sayi inji bara, / an kawo wuta da ƙarfi, / injin ya ƙone. // Wasu mazauna unguwa sun kawo ƙorafi, / kwamiti kuwa ya zauna ranar Asabar. // Mai unguwa ne ya jagoranci zaman. // An tara naira dubu ɗari huɗu da tamanin da bakwai, / da ɗari biyar. // Kuɗin suna hannun ma'aji. // A can za su zauna har a samu amintaccen mai gyara."

Na so in ƙara daddatsa ta, ya riƙe hannuna, ya ce idan guntayen suka yi ƙanana da yawa zan koma kamar ɗan aji ɗaya yana haɗa baƙi. Gajera ta bi doguwa, doguwa ta bi gajera. Ya sa na karanta ta a tsaye sau biyar, har baba ta leƙo daga madafa tana tambaya ko takara zan tsaya.

Da dare aka sake taruwa, mutane ma sun fi na jiya, don wasu kallo suka zo. Ma'aji ya zauna a gaba da littafin lissafinsa a cinya, yana kallon bakina kamar mai tsaron tukunyar madara. Na karanta, ban yi haki ba, ba wanda ya yi salati. Aka yi addu'a aka watse.

An gyara rijiyar bayan mako uku. Amma har yau yaran unguwa in sun hango ma'aji sai su ce "Zai-ci ya fito". Ni kuwa da na je shagonsa shekaranjiya karɓar sukari bashi kamar yadda na saba, sai ya dube ni ya ce, "Malam magatakarda, zan ba ka," ya ja numfashi mai tsawo, har na miƙa hannu, sannan ya ƙarasa, "haƙuri."