Kada allon makaranta ya yi alkawarin da aji ba zai cika ba

Masu shirin buɗe makarantar nazare da firamare, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina. Ra'ayina shi ne, sunan makaranta mai sa iyaye su natsu shi ne wanda in uwa ta shigo harabar makaranta za ta ga shaidarsa da idonta. Abin da za ta damƙa maka ɗan shekara uku ne, wanda bai iya faɗin abin da aka yi masa ba, don haka ƙaramin saɓani tsakanin allo da aji ya isa ya jefa mata shakka.

Mu ɗauka wata malama ta kama hayar gida mai ɗaki shida a unguwa, ta ɗauki malamai biyar da inna mai kula da yara. Mai rubuta allo ya ba ta shawara ta sa "International" da "Montessori", wai su ke jawo masu kuɗi. Sai mu tambaya, manhajar wace ƙasa za ta koyar? In ta gwamnatin Najeriya ce, kalmar farko ta faɗi. Ta biyun kuwa sunan Maria Montessori ne, likita 'yar Italiya da ta buɗe ajinta na farko a Rum a 1907, kuma tsarinta sananne ne: yara 'yan shekara 3 zuwa 6 a aji ɗaya, kayan koyo a kan kantoci daidai tsayinsu, yaro ya zaɓi aikin da zai yi, malama mai horo na musamman tana lura da shi. Uban da ya san wannan ya leƙo ya tarar da benci a jere ana rera ABCD, ba zai yi musu da ita ba, zai dai kai ɗansa wani wuri, ya kuma faɗa a majalisa.

Haka kalmar Tahfiz, ita ma har ta fi nauyi a wurina, domin da sunan Alƙur'ani aka yi alkawarin. In babu mahaddaci da ke zaune yana karɓar hadda kullum, ba a san izu nawa yaro zai kai kafin aji shida ba, a ji tsoron Allah a bar kalmar har sai an shirya mata.

To me malamar nan za ta sa? Ni zan ce ta duba abin da take da shi a hannu. In mahaifiyarta ta shekara da shekaru tana karantar da yaran unguwa a zaure, sunan wannan baiwar Allah ya fi kowace kalmar Turanci ƙarfi, saboda iyayen yau da yawa a gabanta suka yi karatu, kuma sun san mai makaranta ba za ta so ta zubar da mutuncin gidansu ba. Sunan unguwa ma yana aiki, sai dai yana ɗaure mutum ranar da mai gida ya tashe shi ya koma wani wuri. Sunayen magabata irin Nana Asma'u suna da albarka, amma makarantu masu ɗauke da su sun yi yawa, sai an ƙara abin da zai bambanta.

Kuma ya zama gajere. Ta faɗa wa mai adaidaita sahu sau ɗaya ta ji ko zai maimaita daidai, ta gwada da kaka mai rako jika, ta gwada da yaron kansa, domin ranar da ya ɓata a hanya sunan makarantarsa za a tambaye shi. Sunan da ya gagari baki, mutane za su sauya masa da "makarantar bayan gidan mai", shi ke nan kuɗin allo ya tafi a banza.

Kafin a buga komai, a je shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, a bincika sunan. In an amince, ana riƙe shi na kwana 60 don a kammala rajista. Dokar kamfanoni ta 2020 ta hana sa kalmomi irin "Federal", "National", "State" da "Government" sai da izinin hukumar. Daga nan sai neman amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha, da wannan sunan dai, harafi da harafi. Da takardar CAC banki zai buɗe asusu da sunan makaranta, kuma wannan babban abu ne: uba ya tashi tura kuɗin zango, in wayarsa ta nuna masa sunan da ke kan allo sai ya tura hankali kwance, in ta nuna sunan wani mutum daban sai ya tsaya ya buga waya. Wanda ya riga ya ɗinka bajo a kayan makaranta, ya buga rasit da hatimi da katin sakamako, sannan CAC ta ce wani ya riga shi sunan, duk waɗannan sai ya sake biyan kuɗinsu.