Minti 9 a kan labarin hula, Alhaji ka ji tsoron Allah

Duk wanda yake zauren tsofaffin ɗaliban nan namu ya san saƙon muryar da nake nufi, ba sai na kama suna ba. Minti 9 cur! Mutum ya ce zai ba mu "ɗan gajeren labari", ya kwashe minti 2 yana gaisuwa, ya gai da shugaba, ya gai da ma'aji, ya gai da waɗanda suka yi shekara ba su ce uffan a zauren ba. Daga nan sai ya ce, "Zan ba ku labarin ranar da na manta na sa kuɗina a hula." To Alhaji, ai ka gama. Me ya rage mu jira? Sauran minti 7 ɗin duk zaman makoki ne, labari ya riga ya mutu tun a bakin ƙofa.

Abin haushin shi ne labarin yana da daɗi, kuma gaskiya ne, ya faru. Sakan 40 ya ishe shi. Na ce sakan 40, ban ce minti ba. Ga yadda ya kamata ya fito:

"Lokacin canjin kuɗi, na bi layin banki tun asuba, sai azahar na samu dubu biyar. Na gyara hulata, na tare adaidaita sahu. Muna kaiwa Ƙofar Nasarawa na laluba aljihu, wayam. Wani yaro ne kusa da ni, na damƙe wuyan rigarsa, na ce fito min da kuɗina. Yaro yana rantsuwa, mutane sun fara taruwa. Sai direba ya kalle ni ta madubi ya ce, 'Alhaji, don Allah cire hularka.' Na cire. Dubu biyar ta zubo a cinyata. Na ba yaron haƙuri, na biya masa kuɗin mota, na sauka a nan. Da ƙafa na ƙarasa gida."

Kalmomin nan ba su kai 100 ba. Ka kunna agogon wayarka ka karanta a fili, ba da gudu ba, da muryar da kake hira a majalisa, ka ga inda za ka tsaya. Abin da sakan 40 yake ɗauka ke nan, kuma babu abin da ya ɓata a labarin.

Dubi farkon. Aikinsa ɗaya ne, ya sa mu damu da dubu biyar ɗin nan. "Lokacin canjin kuɗi" kawai ya wadatar, don duk wanda ya ga farkon shekarar 2023 a ƙasar nan ya san yadda takardar naira ta zama, ya san layin banki, ya san abin da masu POS suka riƙa cira a kan kowace dubu. Ba sai ka yi mana lacca a kan Babban Banki ba, muna nan aka yi. "Tun asuba, sai azahar" ya gaya mana wahalar da aka sha. Shi ke nan, sakan 10 sun tafi, kuɗin sun yi tsada a zuciyar mai sauraro. Shi kuwa Alhaji sai da ya faɗa mana sunan bankin, da wanda yake gabansa a layi, da yadda suka gano ashe matansu 'yan gari ɗaya ne. Mutumin layin nan bai sake fitowa a labarin ba har aka gama. Duk wanda ba zai dawo ba, kada ka shigo da shi.

Sai juyin, wato inda labari yake karya kwana, abin da mai sauraro ya ɗauka ya tashi daga yadda ya ɗauka. A nan maganar direba ce: cire hularka. Kafin wannan jumla kowa ya yarda yaron ɓarawo ne, har wasu sun fara cewa yaran yanzu sai addu'a. Bayanta kuwa kunya ta koma kan mai ba da labari. Abu biyu ake yi wa juyi. Na farko, a ɓoye shi har lokacinsa, wajen sakan na 25 zuwa 30. Na biyu, a ajiye masa alama tun da wuri ba tare da an tona ba. Shi ya sa na ce "na gyara hulata" a farko. Ba wanda zai lura, amma da direba ya yi magana kowa zai ce, af, ai kuwa ya taɓa hular! In babu alamar, juyin zai zo kamar an ƙirƙiro shi. In alamar ta yi yawa, ka koma gidan Alhaji, ka faɗi ƙarshe tun a farko.

In kana son ka san ko labarinka yana da juyi, gwada sa "ashe" a tsakiyarsa. Ashe kuɗin suna hula. In babu inda za ta zauna, rahoto kake bayarwa, na je, na dawo, na ci tuwo. Ka riƙe abinka.

Na san masu kare shi za su zo. "Ai gaisuwa al'adarmu ce." Wa ya hana ka? Yi sallama, a amsa, ka shiga magana. Kakanninmu mata da suke tara jikoki da dare, "ga ta nan ga ta nanku" suke cewa, a ce "ta zo mu ji ta", sai ga Gizo ya fito. Ba su fi mu sanin al'ada ba ne? Wani kuma zai ce in an yanke bayani an rage gaskiya. A'a malam. Cire mutumin layi ba ƙarya ba ce. Ƙarya ita ce ka ce dubu hamsin alhali dubu biyar ce, ko ka ƙara cewa an kira 'yan sanda don labari ya yi armashi. Ka rage yadda kake so, amma kada ka ƙara ko ƙwayar zarra.

Maganar gaskiya, ban da wasa yanzu, ƙarshen ne ya fi taɓa ni. Dattijo mai iyali ya ci mutuncin yaron mutane a bainar jama'a, ya kasa ci gaba da zama kusa da shi, ya sauka ya taka da ƙafa cikin rana. Wannan saukar ta faɗi komai. Da Alhaji ya tsaya a nan, da zauren ya yi tsit kafin a fashe da dariya. Amma ina! Sai da ya ƙara minti 2 yana mana wa'azi a kan illar zato, sai ka ce mu ne muka shaƙe yaron. Ƙarshe aiki ne da wani ya yi, jumla ɗaya ko biyu, sai ka ɗauke yatsa daga maɓallin. Sakan 40, jama'a. Mun danna 2x ma labarin nan bai ƙare ba.

Af, tunda an zo maganar saƙon murya, ku masu ɗauka a gefen janareta, ko kuna tuƙi iska tana bugun waya, me muka yi muku? Jiya wani ya turo sanarwar ɗaurin aure, ban ji ranar ba, ban ji masallacin ba, ƙarar injin markaɗe kawai na ji da kukan akuya. In an ga ban zo ba, kada a ce na yi girman kai.