Bashin da mai kamfani ya ba kansa ba bashi ba ne

Tun da masu binciken haraji suka fara leƙa littattafan wasu kamfanoni a nan Garwa ta Kamaru, kuka ɗaya nake ji a majalisa da wajen ɗaurin aure: wai dokar da ta taƙaita cire kuɗin ruwa daga riba tana korar masu zuba jari. Wannan magana ta ishe ni, domin akasarin masu yin ta ba su taɓa zama sun yi lissafin ba.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa. Rabon riba sai an biya haraji ake yin sa, amma kuɗin ruwa ana cire shi ne tun kafin a lissafa harajin. Don haka mai wayo sai ya zuba jari kaɗan, sauran kuɗin ya ce rance ya ba kamfaninsa.

Ɗauki babban kamfani mai shigo da kaya. Mai shi ya sa jarin sefa miliyan 100, ya ranta masa miliyan 900 a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari. Duk shekara miliyan 54 na fita da sunan kuɗin ruwa, daga aljihun damansa zuwa na hagu. Dokar harajin Kamaru ta ce wanda ke riƙe da aƙalla kashi 25 na kamfani, rancensa da za a amince da ruwansa kada ya wuce jarin sau ɗaya da rabi. A nan miliyan 150 ke nan, ruwansa miliyan 9. Sauran miliyan 45 za su koma cikin riba, a yanki harajin kashi 33 cikin ɗari, wato kusan miliyan 15 a shekara. Akwai kuma shinge na biyu: ruwan kada ya zarce kashi 25 na ribar kafin a cire haraji, da ruwan kansa, da ragin tsufan kadara.

To ina zaluncin? Wane banki ne a Garwa ko Marwa zai ba mai jarin miliyan 100 bashin miliyan 900 ba jingina? Babu. Mai shi kaɗai zai yi haka, don ya san ba ranar biya. Jari ne aka sa wa rigar bashi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne fakewa da ƙananan 'yan kasuwa. Alhajin da ya ranta wa kamfaninsa kuɗin sayen gyaɗa ko masara lokacin kaka, ba ya karɓar ruwa saboda addininsa. Wanda bai karɓi ruwa ba, me za a hana shi cirewa? Dokar ba ta ko shafe shi ba, amma da sunansa manya ke kuka.

Masu cewa sau ɗaya da rabi ya yi tsauri ga sabon kamfani, amsarsu na hannunsu: su mayar da rancen jari, ko su bar riba ta taru a kamfanin, iyakar ta faɗaɗa da kanta. Su kuma ma'aikatan haraji, su fara tambayar kowane mai irin wannan rance takardar yarjejeniya da ranar da ya taɓa biyan ko sefa ɗaya daga uwar kuɗin.