Ba buhun taki ne ya gaza ba, ƙasar ce ba ta da riƙo

Da damina ta kawo kai a Filato, zancen ɗaya ne: tirela nawa ta taki aka sauke, wa ya samu, buhu nawa yake a kasuwa. Abin da ke ɓata mini rai shi ne babu mai tambayar ko ƙasar da za a zuba wa takin za ta iya riƙe shi.

Ƙwayoyin laka da na ruɓaɓɓen taki suna ɗauke da cajin lantarki a jikinsu, wanda ke kama sinadarai masu kishiyar caji, wato amoniyam, fotasiyam, kalsiyam da magniziyam, ya riƙe su har saiwa ta zo ta karɓa. Wannan ƙarfin riƙo ne takardar gwajin ƙasa ke rubutawa da CEC. Yashi da ƙyar yake kai maki 5. Lakar da ta fi yawa a ƙasarmu, kawolin, tsakanin 3 da 15 take, amma ruɓaɓɓen taki da ya zama baƙar ƙasa yana kai 200. Saboda haka mai cewa jar laka ta wadatar bai san kawolin ba.

Ɗauki gonar masara mai yashi a gefen tsohon ramin kuza, mai maki 4. Manomi ya watsa buhun yuriya mai kilo 50, wato kilo 23 na naitirojin, a tashi ɗaya. Cikin kwanaki ya koma amoniyam, wuraren kama shi kuwa kaɗan ne. Bayan 'yan makonni ya rikiɗe ya zama naitiret, wanda cajinsa irin na lakar ne, ba ta kama shi ko kaɗan. Ruwan Yuli da Agusta ya gangara da shi ƙasa da saiwa. Masara ta yi kore shar, sai ganyen ƙasa ya fara rawaya daga tsini, manomi ya ce an sayar masa da jabu.

Masu cewa a ninka buhuna kawai, ruwa suke ƙarawa a kwando.

A yi lissafi. Idan ruɓaɓɓen abu a gonar nan ya tashi daga kashi 1 cikin 100 zuwa 2, riƙonta zai tashi daga 4 zuwa kusan 6. Sai dai kashi ɗayan nan ya kai tan 20 a saman hekta guda, kuma yawancin kashin kaji ko na shanu da aka zuba ruɓewa yake ya ƙare. Aikin shekaru ne, shi ya sa ɗan siyasa ba ya son jin sa, kuma shi ya sa ƙona karan masara bayan girbi ɓarna ce tsagwaronta. In ƙasar ta yi tsami, alminiyam ya mamaye wuraren riƙon, sai an fara sa farar ƙasa.

Kafin nan, a raba takin kashi biyu: wajen mako 2 da shuka, sai mako na 6, a tona a binne. Hukumomin da ke rabon taki kuma su haɗa shi da gwajin ƙasa, tun kafin tirela ta bar Jos zuwa Mangu ko Bokkos.