Lambar da ke kan kwali da alƙawarin da ke cikin talla

Makon jiya ƙanena, wanda yake sayar da kayan waya a wani ɗan shago a Kano, ya turo mini tallan fawa banki da ya rubuta domin in duba masa kafin ya ɗora a WhatsApp. Abin da ya rubuta ke nan: "Sabon kaya ya sauka. 20,000mAh, 22.5W, USB-C, kafar caji biyu, mai nuna lamba." Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, domin daga jikin kwalin ya kwafo, amma na tambaye shi ko mahaifiyarmu za ta gane abin da ake sayarwa idan ta karanta. Ya ce, "Yaya, ai ba ita za ta saya ba." Na ce masa ita ce kuwa take kwana biyu wayarta a mace duk lokacin da taransifomar unguwa ta lalace.

Wannan irin tallan siffar kaya yake lissafawa, wato abin da kayan yake da shi. Ɗaya nau'in kuma da amfani yake farawa, wato abin da zai sauya a yinin mai saye idan kayan ya shiga hannunsa. Ra'ayina shi ne amfani ya kamata ya zo a gaba, amma da sharaɗi mai nauyi wanda na ga masu koyar da talla suna yawan tsallakewa: dole ne a ciro amfanin daga cikin siffar ta hanyar lissafi, ba daga zaƙin baki ba.

Ga dalilina. Da na ce ya sake rubutawa, sai ya dawo da wannan: "Cika wayarka sau huɗu ba tare da ka nemi wuta ba." Jimlar ta fi ta farko daɗin ji nesa ba kusa ba, kuma kowa zai gane ta. Ya samo ta ne da ya raba 20,000 da 5,000, wanda shi ne girman batirin yawancin wayoyin da ke hannun mutane yanzu. Sai dai lissafin ba haka yake ba. Lambar da ke kan kwali ana auna ta ne a kan ƙarfin batirin da ke ciki, wato 3.7V, alhali kuwa wutar da take fitowa ta kafar caji sai an ɗaga ta zuwa 5V ko sama da haka, sannan wayar ta sake sauke ta kafin ta shiga batirinta. A kowane mataki wani kaso yana tafiya a matsayin zafi, kuma shi ne ɗumin da mutum yake ji idan ya taɓa fawa bankin ko bayan wayar ana tsakar caji. Abin da yake isa ga waya bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba, wato wajen 13,000. Idan aka raba da 5,000, za a samu cikawa biyu da rabi da 'yar ɗoriya, ba huɗu ba. Kamfanoni da yawa ma suna rubuta wannan lamba ta biyu da ƙananan haruffa a bayan na'urar, inda ba kowa yake dubawa ba.

To a nan haɗarin yake. Wanda ya rubuta 20,000mAh bai yi wa kowa alƙawari ba, lamba kawai ya ambata, kuma babu mai dawowa ya tuhume shi. Wanda ya rubuta "sau huɗu" kuwa ya ɗauki alƙawarin da mai saye zai iya ƙirgawa da yatsunsa. Mutum zai shiga motar dare daga Kano zuwa Legas da wannan magana a ransa, ya ara wa na kusa da shi saboda yana ganin akwai rara, sannan na'urar ta mutu ana cikin cika waya karo na uku. Ba zai ce lissafi aka kuskure ba, cewa zai yi an sayar masa da jabu, kuma zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi inda ya saya. Ƙanena bai yi niyyar cutar kowa ba, amma da tallan nan ya fita, da kaya mai kyau ya jawo masa sunan maƙaryaci, kuma wannan ya dame ni ƙwarai.

Haka muka bi sauran siffofin. Lambar 22.5W tana nufin caji mai sauri, amma sai idan wayar tana karɓar irin wannan cajin kuma igiyar mai kyau ce; ƙaramar waya ko tsohuwa za ta ci gaba da jan wuta a hankali yadda ta saba. Saboda haka ba a rubuta "caji cikin minti talatin" ga kowa da kowa. Allon da ke nuna lamba, wanda ya jefa a ƙarshen layi kamar ba komai ba, a wurina ya fi sauran sauƙin sayarwa, domin ma'anarsa ita ce za ka san ko saura kashi 60 ko kashi 12 kafin ka bar gida, maimakon ɗigon haske huɗu da ba sa faɗa maka komai takamaimai.

Akwai kuma abin da kwalin bai ɗaga murya a kansa ba, alhali ya fi shafar wanda wuta ba ta zama a unguwarsu: tsawon lokacin da fawa bankin kansa yake ɗauka kafin ya cika. Da kan caja na gama-gari mai 10W, na'ura mai wannan girma tana cin awa takwas ko fiye, da mai 18W kuma wajen awa biyar. Wanda ake kawo wa wuta awa uku a dare yana da haƙƙin ya san wannan kafin ya biya kuɗinsa.

Ban ce a jefar da lambobi ba. Mai sari da zai ɗauki katan guda lamba yake nema domin ya kwatanta farashi, labarin motar dare ɓata masa lokaci ne. Mai tafiya Umara ma lamba ce za ta yi masa aiki, tun da ƙa'idar jiragen sama ita ce a riƙe fawa banki a jakar hannu, kuma iyakar da aka saba yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh, wannan kuwa 74Wh ne. Ga sauran mutane, lambar tana zama a ƙasa ne a matsayin shaida ga alƙawarin da aka yi a sama.

Kafin mu ɗora komai, na sa ya cika guda ɗaya, ya gwada da wayarsa har na'urar ta ƙare. Ta cika wayar sau biyu, a karo na uku ta kai ta kashi 58 ta tsaya. Daga nan muka rubuta: "Idan an ɗauke wuta, wayarka ba za ta mutu ba: yana cika babbar waya sau biyu da rabi, kuma allonsa yana nuna maka abin da ya rage. Ka haɗa shi da caja mai sauri, yana cika cikin wajen awa biyar. 20,000mAh, USB-C, waya biyu a lokaci guda." Ya so a mayar da "biyu da rabi" zuwa "uku" domin ya fi daɗin faɗa, na roƙe shi ya bar shi yadda gwajin ya nuna, ya kuma ɗauki hoton allon wayar a kan kashi 58 ya haɗa da tallan.